Ban ji ba, ban gane ba: tambayoyi da amsoshi kan ceto zance idan ya kuɓuce maka a Jos

A Jos mutum kan fita da safe ya yi ciniki a kasuwar Katako da Hausar Kano, ya shiga keke ya ji Hausar da ɗan Berom ko ɗan Ngas ya tashi da ita, ya isa banki a tare shi da Turanci, kafin azahar kuma wani ya kira shi a waya da Broka. Tun zamanin haƙar kuza garin yake haka. A irin wannan wuri dole wata magana ta wuce ka. Ga tambayoyin da baƙi, ɗalibai, masu bautar ƙasa da ma 'yan gari suka fi yi a kan yadda ake kamo zance bayan ya suɓuce.

Magana ta wuce ni. Me zan fara cewa?

Kafin ka buɗe baki, gano inda ta tsinke, domin kowane tsinkewa da maganinsa. Wani lokaci sautin ne bai iso kunnenka ba, saboda ƙarar janareto ko hon ɗin keke. Nan sai ka ce "Ban ji ba, sake faɗi" ko "Ɗan ɗaga murya." Wani lokaci ka ji sautin amma mai maganar gudu yake yi, sai ka ce "Yi a hankali" ko "Bi ni sannu-sannu." Idan kalma ɗaya ce ta tsaya maka a wuya, kamo ta ka miƙa masa: "Mece ce la'ada?" Akwai kuma lokacin da ka ji kowace kalma, ka san ma'anarta, amma ba ka san inda mutumin ya dosa ba. Wannan shi ne wurin "Me kake nufi?" ko "Ban gane inda ka nufa ba."

Abin da ke kawo ruɗani shi ne mun saba zuba duk waɗannan a cikin "ban ji ba." Wanda ba ya jin Turanci ya ce bai ji ba, wanda hayaniya ta toshe wa kunne shi ma ya ce bai ji ba. Mai maganar sai ya ɗauka kunne ne, ya ƙara murya, ya maimaita kalmomin da suka gagare ka da farko. Idan ma'ana ce matsalar, ka ce "Na ji, amma ban gane ba." Wannan "na ji" ɗin da ka fara da shi ya gaya masa cewa ihu ba zai yi amfani ba, sauya kalmomi ake bukata.

Akwai bambanci tsakanin "Na'am?" da "Me?" da "Iye?"

Akwai, kuma babba. "Na'am?" da muryar tambaya tana shiga ko'ina, gaban uba, gaban malami, gaban wanda ba ka sani ba. "Me?" ita kaɗai a bushe ta tsara ce, kuma ko a tsakanin tsara takan fito kamar neman faɗa, wato "maimaita in ka isa." "Iye?" ta fi kusa da mamaki, wanda ya ji ta zai ɗauka ka ji maganar sarai, gaskata ta ne ka kasa. "Me ka ce?" tana tsaka-tsaki: da aboki ba laifi, da babba kuwa sai ka yi mata riga, ka ce "Na'am Baba, me aka ce?"

Na nemi a maimaita, an maimaita, har yanzu ban kama ba. Ina laifin yake?

Yawanci tambayarka ce ta yi faɗi. Wanda ya ce "Na'am?" bai gaya wa mai magana komai ba sai cewa an samu matsala. Mai maganar bai san ko farkon ne ya ɓata ko ƙarshen, don haka ya sake kwaso duka, da saurin da ya yi na farko.

A ce ka tsaya a Taminus kana tambayar hanya, wani ya ce maka: "Ka shiga keken Titin Bauchi, ka sauka a gidan mai na biyu, ka bi layin da ke kallon masallaci, gida na uku a hannun hagu." Ka kama keken, ka kama gida na uku, tsakiyar ce ta wuce ka. Kada ka ce "Sake faɗi." Ka ce "In sauka a ina?" Amsar za ta zo gajeriya, kalma uku ko huɗu, kuma zai faɗe su da nauyi domin ya san su kake nema. Kalmomin tambaya su ne kayan aikin nan: wa, me, ina, yaushe, nawa, wanne. Ka maimaita abin da ka ji har zuwa inda ya tsinke, sai ka dasa ɗayansu a gurbin: "In ba wa?", "Ranar yaushe?", "Gida na nawa?"

Abin da ya fi wannan ma shi ne ka kawo abin da kake zato, ka bar shi ya ce eh ko a'a: "Gidan mai na biyu ka ce, ko?" In daidai ne, kalma ɗaya ta kashe magana. In kuskure ne, ya ga ainihin inda ka karkace ya gyara wurin kaɗai.

Masu nazarin harshe sun bi diddigin wannan. A 2015 wasu masu bincike ƙarƙashin Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan sun saurari hirar yau da kullum a harsuna 12 daga nahiyoyi daban-daban. Sun tarar cewa a matsakaici ba a cika minti ɗaya da rabi ana hira ba tare da wani ya nemi a gyara masa magana ba, kuma hanyoyin nan uku ne a duk harsunan: buɗaɗɗiyar tambaya irin "Na'am?", tambayar da ta nuna gurbi, da kawo zato don a tabbatar. Sun kuma ga cewa mutane kan zaɓi mafi ƙuntatar tambayar da za su iya. Waɗannan fa masu harshen ne suna hira da 'yan uwansu, ba baƙi masu koyo ba.

Yaya zan tambayi babba, suruki ko malami ba tare da na yi rashin kunya ba?

Abu biyu ne. Na farko, cire "ka" da "ki" daga bakinka, ka koma "a" da "aka." "Maimaita" umarni ne. "A ɗan maimaita mini" roƙo ne. "Me kika ce?" ga Hajiyar da ta haifi matarka ya yi tsauri, amma "Hajiya, a gafarce ni, ban ji abin da aka ce ba" ba wanda zai ɗaga gira. Kalmar "ɗan" ƙarama ce amma tana sassauta komai: a ɗan ɗaga murya, a ɗan yi mini bayani, a ɗan koma baya.

Na biyu, ɗora laifin a kanka ko a kan wurin, kada ka ɗora shi a bakinsa. Tsohon da haƙoransa suka zube ya san maganarsa ba ta fita sosai, ba ya bukatar tuni. Ka ce "Baba, hayaniyar nan ta hana ni ji," ka matso kusa, ka russuna. Matsowar kanta ta isar da rabin saƙon.

A gaban malami hanyar a buɗe take tun tuni, domin karatun zaure a kan maimaici aka gina shi. "Allah ya gafarta malam, a sake biya mini wurin nan" magana ce da kowane malami ya saba ji, kuma ɗalibin da ba ya faɗinta shi ake zargi da rashin bin karatu. A ofis kuwa "Yallaɓai" ko "Ranka ya daɗe" a gaba, sannan ka nuna ka kama wani abu: "Yallaɓai, na gane zancen takardar farko, ta biyun ce ban gane inda zan kai ta ba." Ma'aikacin da layi ya cika masa gaba ya fi haƙuri da wanda ya rage masa aiki.

Lokacin shiga ma abin lura ne. Ba a katse babba a tsakiyar jimla. Jira ya ja numfashi, ka shiga da "Na'am," sannan tambayar. Amma kada ka jira har ya gama jawabin minti goma, ka ce ba ka gane farkonsa ba.

Na ce a yi a hankali, ya sassauta jimla ɗaya, ya koma gudunsa. Yaya zan yi?

Haka kowa yake. Saurin magana ɗabi'a ce, roƙo ɗaya ba ya sauya ta. Maimakon ka yi ta cewa "a hankali," karɓi linzamin zancen da kanka: yanka shi gunduwa-gunduwa. "Tsaya in kama wannan tukuna." Ka maimaita abin da ya faɗa da irin saurin da kake so, ka ce "To, sai me?" Mutum kan bi takun abokin maganarsa ba tare da ya sani ba. Fito da biro da takarda shi ma yana aiki fiye da roƙo: da zarar ka ce "Bari in rubuta," idonsa zai koma kan hannunka, bakinsa ya jira biron.

A kasuwa fa, inda kowa ke sauri kuma kuɗi ne a tsakani?

A kasuwa ba a cika faɗin lamba cikakkiya ba, nan ne ramin yake. A ce wata baƙuwa ta je Farin Gada sayen tumatir na biki. Ta nuna kwando ta tambaya, mai kaya ya ce: "Sha takwas-takwas ne Hajiya, amma in uku za ki ɗauka a bar miki a hamsin." Ta ji kowace kalma. Duk da haka akwai abubuwa huɗu da ba a faɗa ba, kuma kowannensu zai iya zama rigima a bakin mota.

Sha takwas ɗin, dubu ne? Ta tambaya kai tsaye: "Dubu goma sha takwas kowane kwando?" Ya ce eh. Hamsin ɗin fa, na ukun ne gaba ɗaya? "Wato ukun duka dubu hamsin, an rage mini dubu huɗu ke nan?" Lissafin da ta yi a fili ya rufe ƙofar a ce daga baya ba haka aka ce ba. Sai wanne kwando, tunda akwai manya da ƙanana jere a gabansa. Nan baki ba ya isa, sai ta ɗora hannu: "Irin wannan, ba wancan ba?" Na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: "Har da kuɗin dako da la'ada, ko nasu daban?" Idan dillali ne ke maganar ba mai kayan ba, wannan tambayar ce ke raba ciniki da ɓacin rai. Bayan duk wannan sai ta tattara a numfashi ɗaya: "Manyan kwanduna uku, dubu hamsin, dako a kaina. Ka sallama?" Sai ta ji "Na sallama" kafin ta buɗe jaka.

Masu koyon Hausa su riƙe wannan: idan ka taya kaya mai shi ya ce "Albarka," bai yarda ba, ƙin tayinka ya yi cikin ladabi. An sha ganin ɗan bautar ƙasa ya ji "albarka" ya yi murmushi ya miƙa kuɗi.

Akwai kuma tsohon lissafi da bai mutu ba a bakin wasu dattawan 'yan kasuwa. Lokacin da naira ta shigo a 1973, fam ɗaya ya zama naira 2, jaka kuwa, wadda take fam 100, ta zama naira 200. Don haka jaka biyar a bakin dattijo naira dubu ce. Mutumin Nijar kuma idan ya ce jaka, sefa dubu yake nufi. Duk inda ka ji fam ko jaka, kada ka yi lissafi a zuci ka yi shiru. Ka ce "Baba, a naira nawa ke nan?"

Hausa muke yi mu duka, amma ta mutumin ba irin tawa ba ce. In gyara masa ne?

A'a. Ka zo fahimta ne, ba koyarwa ba. Filato na da harsuna fiye da arba'in, kuma Hausa ce gadar da yawancinsu ke haɗuwa a kai. Da yawa daga masu yin ta a nan ba sa bambanta ƙ da k ko ɗ da d, wasu kuma "ya" suke yi wa mace da namiji duka. Mafi yawan lokaci zancen kansa yana warware komai. Inda bai warware ba, ba da zaɓi biyu da kalmomin da ba sa kama da juna. Wani ya ce maka a waya "baki sun zo" ko "a kawo bakin," ka ce "Mutanen da suka zo, ko mai launin baƙi?" An ce "ya tafi asibiti" alhali zancen miji da mata ake yi, ka ce "Matar ko mijin?" Ba ka taɓa Hausarsa ba, ka kuma samu amsarka.

Abin yana juyawa ta ɗaya gefen. Basakkwace ko Bakatsine da ya sauka a Jos da zurfafan kalmomin gida da karin magana a kowace jimla, shi ne za a yi ta ce wa "Me ka ce?" Mai hankali sai ya sauko zuwa Hausar da kasuwa ta sani.

Lambar waya da lambar asusu kullum sai na yi kuskure idan an karanto mini. Akwai dabara?

Akwai. Fara da sanin adadin da kake jira: lambar wayar Najeriya guda 11 ce, lambar asusun banki guda 10. Idan ka gama rubutu ka ƙirga ka ga tara ko sha biyu, ba sai an gaya maka an samu matsala ba. Sannan ka nemi a ba ka a rukuni: "Ba ni uku-uku." Bayan kowane rukuni ka maimaita, shi kuma ya ce "eh" kafin ya ci gaba. Matuƙan jirgin sama ma haka suke yi da hasumiyar filin jirgi, duk umarnin da aka ba su sai sun karanto shi an ji.

Lambobin da suka fi rikicewa idan sabis ba kyau su ne biyu da biyar, sai bakwai da takwas. Raba su da maƙwabtansu: "Biyar mai bin huɗu?" Idan da Turanci ake karantowa, kula da "dobul" da "tiripul," domin mai cewa dobul tiri lamba uku sau biyu yake nufi a jere, kuma "o" sifili ce. Kada ka ce "Sake karantowa duka" bayan an gama. Ka ce "Bari in karanto maka, ka tsayar da ni inda na kauce." Kunnen mai lambar ya fi naka saurin kama kuskure a cikinta. In akwai hali, "Turo mini a rubuce" ya fi duk wannan, kuma kafin ka tura kuɗi ka karanta masa sunan da ya fito a allon.

Togaciya ɗaya: wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, yana so ka maimaita masa lambar sirrin da aka turo maka ko ta katinka don a tabbatar, wannan ba gyaran zance yake nema ba. Kashe wayar.

A asibiti ko kemis nakan ji nauyin tsayar da likita. Me ya kamata in tambaya?

Nan ne jin nauyi ya fi tsada. Likita ya ga mutane da yawa kafin kai, yana magana yana rubutu, rabin maganar da Turanci. Ba sai ka gane sunan cutar da yadda take aiki ba kafin ka fita, amma kada ka bar kujerar sai ka san guda nawa za a sha, sau nawa a rana, na kwana nawa, kafin abinci ko bayansa, da kuma alamar da in ka gani za ka dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba.

Ɗauki uwar da aka ba maganin ruwa na yaro, aka ce mata cikin sauri "cokali ɗaya sau uku." Ta ce to. A gida akwai ƙaramin cokalin shayi da babban cokalin cin abinci. A ma'aunin magani ƙaramin mil 5 ne, babban mil 15, wato ninki uku. Tambayar da za ta cece ta gajeriya ce: "Wane cokali? A nuna mini a murfin." Yawancin irin waɗannan kwalabe na zuwa da murfi ko cokali mai zane, sai mai ba da maganin ya ɗora yatsa a kan layin. Sau ukun ma akwai magana, domin wasu kan ba da safe, da hantsi, da azahar, su ce sun cika uku. Sai ta tambaya: "Safe, rana, dare ke nan? Awa nawa a tsakani?" Ga maganin da aka ce sau uku, abin da ake so shi ne a raba yinin da daren kusan daidai, wajen awa takwas-takwas.

Sai ta rufe da mayar da maganar da bakinta: "Likita, bari in faɗa a ji ko na gane. Zuwa layin nan, safe da rana da dare, bayan ya ci abinci, kwana biyar, ko ya ji sauƙi ba zan tsayar ba." Wannan bai kai rabin minti ba. Idan da kuskure a ciki, yanzu za a kama shi. Idan Turancin ne ya yi yawa, "A yi mini da Hausa" ba abin kunya ba ne, kuma a asibitocin Jos da wuya a rasa nas ko ma'aikacin da ke jin ta a kusa.

Idan da Turanci ko Broka ake yi kuma nawa kaɗan ne fa?

Dabarar ba ta sauya ba, kalmomin ne kawai. "Sori?" da muryar tambaya ita ce "Na'am?" ɗinsu, "Wat?" kuwa tana da kaushin "Me?" ɗinmu, a guje ta a ofis. "Kam agen, filis" kowa a Najeriya ya san ta. Da Broka ka ce "Abeg, tok am agen," ko "Tok am simol-simol" idan gudu ake yi. Ko ba ka iya haɗa jimla ba, za ka iya maimaita kalmar da ta tsaya maka da muryar tambaya, mai maganar zai gane wurin.

Lambobin Turanci daga sha uku zuwa sha tara suna kama da talatin zuwa casa'in, kuma a bakin mai sauri fiftin da fifti abu ɗaya ne. Raba su da ƙwayoyinsu: "Wan faif ko faif ziro?" Ko ka danna lambar a wayarka ka juya masa allon.

Sau nawa zan iya tambaya kafin abin ya zama damuwa?

Tambaya iri ɗaya, sau biyu. A na uku sauya hanya: nemi wata kalma, nemi misali, nemi a rubuta, a nuna da hannu, ko a kira wani. "Faɗa mini ta wata hanyar" da "Kamar yaya? Ba ni misali" sun fi "Na'am?" na uku.

A ofishin 'yan sanda ko kotu ma zan iya cewa ban gane ba?

Nan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Kundin Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 35, ya ce wanda aka kama ko aka tsare a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake fahimta. Sashe na 36 kuma ya ba wanda ake tuhuma da laifi damar samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Don haka ka faɗa a fili tun farko: "Ba na jin Turanci sosai, ina bukatar tafinta." Ɗan Turancin gaisuwa da ciniki bai kai na shari'a ba, kada girman kai ya sa ka ce kana ji.

Idan an rubuta bayaninka aka miƙo maka biro, ka ce "A karanta mini da Hausa kafin in sa hannu." Inda aka karanto abin da ba ka faɗa ba, ka tsayar a wurin: "Ba haka na ce ba, ga abin da na ce." Tafinta ma mutum ne, yakan taƙaita. Idan alƙali ya yi dogon bayani tafinta ya ba ka kalma biyar, kana iya roƙon a fassara maka duka.

Idan ni ne ake ce wa a maimaita, yaya zan taimaka?

Kada ka fara da ɗaga murya sai in ka tabbata ƙara ce matsalar. Maimaita sau ɗaya yadda ka faɗa, domin wataƙila kalma ɗaya ce ta faɗi. In bai yi ba, sauya kalmomin, gajarta jimlar, cire karin magana da habaici. "Jibi" ta zama "ranar Laraba," "bayan la'asar" ta zama "ƙarfe biyar na yamma" ga wanda ba ya lissafin yini da lokutan salla, kuma a Jos irinsu suna da yawa.

Ka kuma daina dogara da "Ka gane?" Amsarta kusan kullum "eh" ce, musamman daga yaro, ɗan aiki ko wanda ke jin nauyinka. "To" ma ba shaida ba ce, sau da yawa ma'anarta kawai "na ji kana magana." Alamomin wanda bai gane ba a bayyane suke: to-to-to da sauri tun ba ka gama ba, murmushin da bai dace da maganar ba, ko amsar da ta tafi wani gefe. Idan ka aiki yaro Katako da saƙo uku, ce masa "Faɗa mini abin da za ka sayo," ka saurara.

Na riga na ce "to" na tafi, alhali ban gane ba. Zan iya komawa?

Koma, kuma da wuri, kafin a gina wani abu a kan "to" ɗin naka. Ba sai ka yi dogon ban haƙuri ba. Kira ko ka juya ka ce: "Maganar ɗazu, ina so in tabbatar kafin in yi kuskure. Litinin ɗin nan aka ce in kawo, ko ta sama?" Ka zo da zatonka a hannu da zaɓi biyu, kamar yadda za ka yi da a wurin ka tambaya. Idan babba ne kuma kana jin nauyin komawa gabansa, nemi wanda yake wurin lokacin da aka yi maganar, amma in kuɗi ne ko magani ko ranar shari'a, daga bakin mai maganar za ka sake ji, ko ka samu a rubuce.